Idan Lissafin Asibiti Bai Yi Daidai Ba: Yadda Ake Rubuta wa Ofishin Kuɗi Wasiƙa

Ranar sallama daga asibiti ba ranar lissafi ba ce ga yawancin mutane. Mai jinya ya kwana huɗu ko biyar bai runtsa ba, kaya na ɗaure, mai mota na jira a bakin ƙofa, sai a miƙo masa takarda mai layi ashirin a ce ya je wurin kashiya. Abin da idonsa ke nema shi ne adadin da ke can ƙasa. In yana da kuɗin ya biya, in babu ya shiga buga waya. Kaɗan ne ke tsayawa su bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin kaɗan ɗin, mafi yawa da baki suke yin ƙorafi, a gaban tagar kashiyan da ba shi da ikon rage ko kwabo.

Kashiya karɓa kawai yake yi. Masu ikon gyara lissafi su ne akantan asibiti da shugaban sashen kuɗi, wani lokaci sai da sa hannun babban likita. Waɗannan kuma ba sa gyara komai a kan cewa wane ya ce an cuce shi, domin duk kuɗin da suka soke sai sun ajiye takardar da za su nuna wa mai binciken kuɗi. Wasiƙar mai ƙorafi ita ce wannan takarda. Saboda haka wasiƙar da ke aiki ita ce wadda ta ambaci layi, ta ambaci adadi, ta nuna inda za a duba a tabbatar, sannan ta faɗi abin da ake so a yi. Fushi ba ya ƙara mata nauyi.

Ta ina kuskure ke shiga?

Akanta bai ga mara lafiya ba. Abin da ya rubuta kwafi ne na abin da wasu suka rubuta. Likita ya rubuta magani a fayil. Sashen magani ya fitar da shi ya rubuta a nasa littafin. Nas ta ba mara lafiya ta sa hannu a takardar bayar da magani, wadda ke nuna rana da lokacin kowace allura. Ɗakin gwaji na da nasa rajista, ɗakin tiyata na da nasa, ma'ajiyar jini ma haka. A ƙarshe wani ma'aikaci ya tattaro duka ya shigar a kwamfuta ko ya haɗa da hannu.

A wurin wannan tattarawa ake samun yawancin matsala. Akan caji abin da aka fitar daga sashen magani maimakon abin da ya shiga jikin mara lafiya, alhali likita ya canza magani tun rana ta biyu. Akan shigar da abu ɗaya sau biyu idan ma'aikacin safe ya rubuta, na dare ma ya sake rubutawa. Yatsa kan zame, 6 ta koma 16. Akan ci gaba da ƙirga kwanan gado bayan mutum ya tafi gida saboda ba a rufe fayil da wuri ba. A garin da Aisha Muhammad za ta iya kai uku a ɗaki ɗaya, akan zuba kuɗin wata a kan wata. Ba a rasa wuraren da ake ƙari da gangan, amma mai wasiƙa ba ya bukatar ya tabbatar da niyyar kowa. Bukatarsa ɗaya ce: a ajiye takardar kuɗi kusa da fayil a gwada su.

Neman haka ba roƙon alfarma ba ne. A shekarar 2018 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, kuma cikin abubuwan da ya lissafa akwai haƙƙin samun lissafin kuɗi a fayyace da bayanin abin da kowane magani zai ci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ba kowa damar shigar da ƙorafi a kan yadda aka bi da shi a asibiti, a kuma bincika.

Misali guda, layi bayan layi

Bari mu ɗauki misali. Alƙaluman na kwatance ne, ba farashin wani asibiti ba. An kwantar da matar wani magidanci a asibitin kuɗi da daren Litinin 3 ga wata, aka yi mata tiyatar haihuwa, aka sallame ta da safiyar Juma'a 7 ga wata. Kafin a shiga da ita an ba shi ƙiyasi a rubuce cewa aikin zai ci naira 350,000, har da ɗakin tiyata da allurar kashe zafi. Ya biya kafin alƙalami sau biyu: 200,000 da katin banki a wurin kashiya, da 100,000 ta tiransifa da tsakar dare. Takardar da aka ba shi ranar sallama ta nuna jimilla 680,000, an cire 200,000, ana binsa 480,000.

Da ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla, ga abin da ya gani: tiyata 350,000, ɗakin tiyata 40,000, gado na kwana shida 90,000, allurar seftiriyazon kwalba 16 a kan 56,000, jini leda biyu 50,000, sauran magunguna da ƙarin ruwa 48,000, gwaje-gwaje 26,000, kayan aiki irin su safar hannu da auduga da sirinji 20,000.

Abu mafi sauƙi shi ne kafin alƙalami. Ya biya 300,000, an rubuta 200,000. Wannan yakan faru da tiransifar dare: kuɗi ya shiga asusun asibiti, amma babu wanda ya yanke rasit ya jingina shi da lambar katin mara lafiya, musamman idan sunan mai turawa daban yake da na wadda ke kwance. Shaidar banki mai ɗauke da rana da lokaci da lambar ciniki ta isa ta warware shi.

Sai ɗakin tiyata. Idan ƙiyasin ya ce 350,000 ta haɗa da shi, sake rubuta 40,000 a layi na daban biya biyu ne a kan abu ɗaya. Hujjarsa a nan takardar ƙiyasin ce. Da da baki aka gaya masa, sai dai ya tambaya a wasiƙar: me da me kuɗin tiyata ya ƙunsa a jadawalin farashinku?

Allurar ta fi bukatar lura. Likita ya rubuta giram ɗaya safe da yamma na kwana uku, daga nan aka koma ƙwaya. Sau biyu a rana na kwana uku allura shida ke nan. In kowace kwalba giram ɗaya ce a kan 3,500, kuɗin ya kamata ya zama 21,000, ba 56,000 ba. Bambancin 35,000 ne, daidai kuɗin kwalba goma, wanda ke nuna alamar 6 ce ta koma 16. Ba sai an yi musu da shi ba, takardar bayar da magani da nas-nas suka sa wa hannu za ta raba gardama.

Gado kuwa yana da ɗan sarƙaƙiya. Daga daren Litinin zuwa safiyar Juma'a dare huɗu ne. Wasu asibitoci da dare suke ƙirgawa, wasu kuma suna ƙirga ranar shiga da ranar fita, wanda zai ba da biyar. Amma babu ƙirgar da za ta kai shida. Mai hankali zai rubuta cewa shi huɗu ya ƙirga, ya kuma nemi a nuna masa ƙa'idar asibitin. Ya san cewa 15,000 tabbas za ta fita, ɗaya 15,000 ɗin kuma tana iya tsayawa.

Jini ma haka. An tanadi leda biyu, ɗaya aka ƙara mata. Ledar da ba a ƙara ba bai kamata a caje ta cikakken kuɗi ba in ta koma ma'ajiya, amma asibiti na iya neman kuɗin gwajin dacewa da aka yi mata. Mutane da yawa kuma kan fusata idan suka ga kuɗin jini bayan ɗan'uwansu ne ya bayar. Sun manta cewa ko jinin kyauta ne sai an tace shi an duba ƙanjamau da ciwon hanta nau'i biyu da tunjere, an gwada rukuni, an kuma sayi ledar. Tambayar da ta dace ita ce kuɗin na jini ne ko na tacewa.

Akwai kuma abin da ya yi kama da kuskure alhali ba shi ba ne. A cikin gwaje-gwaje magidancin ya ga awon yawan jini sau biyu a rana ɗaya. Da ya tambayi nas, sai ta ce ɗaya kafin ƙarin jini aka yi, ɗaya bayansa, don a ga ko ya hau. Wannan aiki ne na gaskiya, sai ya bar shi. Yana da kyau mutum ya tace ƙorafinsa haka kafin ya rubuta, domin layi ɗaya da aka kama shi da rashin gaskiya a kai yakan sa akanta ya raina sauran.

Idan aka haɗa, abin da yake jayayya a kai cikin caji 130,000 ne: ɗakin tiyata 40,000, allura 35,000, gado 30,000, jini 25,000. Ga kuma 100,000 da ya biya ba a rubuta ba. An cire waɗannan daga 480,000, saura 250,000. Wannan ba shi da ja a kanta, bashi ne a wuyansa.

Wasiƙar kanta

Shafi ɗaya ya isa. A yawancin ofisoshin asibiti a Najeriya da Turanci ake ajiye takardu, a Nijar kuma da Faransanci, don haka wanda bai iya ba sai ya tsara tasa da Hausa ya sa a juya masa. Tsarin dai ɗaya ne. A sama a sa adireshi da kwanan wata da lambar waya, sannan:

*Zuwa ga Shugaban Sashen Kuɗi,*

*Ranka ya daɗe,*

*Neman a sake duba takardar kuɗi mai lamba ……, ta mara lafiya ……, lambar kati ……*

*Bayan gaisuwa da godiya a kan kulawar da aka ba iyalina daga Litinin 3 zuwa Juma'a 7 ga wata, na karɓi takardar kuɗi mai jimillar naira 680,000. Na duba ta, kuma ina neman a sake bin waɗannan layuka tare da fayil ɗinta:*

*1. Kafin alƙalami: an rubuta 200,000, ni kuwa 300,000 na biya. Ga rasit na 200,000 da shaidar banki ta 100,000 da na tura daren 3 ga wata.*

*2. Ɗakin tiyata, 40,000: ƙiyasin da aka ba ni ranar 3 ga wata ya nuna yana cikin 350,000 na tiyata. Ga kwafinsa.*

*3. Allurar seftiriyazon, kwalba 16: a sanina shida aka yi mata, sau biyu a rana na kwana uku. Ina neman a duba takardar bayar da magani.*

*4. Gado, kwana shida: dare huɗu ta yi. Ina neman a gyara, a kuma bayyana mini yadda asibiti ke ƙirga kwana.*

*5. Jini, leda biyu: ɗaya aka ƙara mata. Ina neman a duba rajistar ma'ajiyar jini, a ware kuɗin gwaji daga kuɗin ledar da ba a yi amfani da ita ba.*

*Na biya naira 250,000 da ba ni da ja a kanta, ga kwafin rasit. Ina roƙon a jingine sauran 230,000 har a gama dubawa, a ba ni amsa a rubuce tare da gyararriyar takardar kuɗi cikin kwana 14. Idan akwai layin da kuka ga daidai yake, a nuna mini shaidarsa, zan biya.*

*Na gode.*

Sai suna da sa hannu, da jerin takardun da aka haɗa.

Kowane sashe na wasiƙar nan yana da aikin da yake yi. Lambar kati ita ce za ta kai ma'aikaci ga fayil, suna kaɗai ba ya isa. Jera ƙorafi da lamba yana tilasta wa mai amsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ya dunƙule su ya ce an duba komai daidai ne. Ambaton takardar da za a duba a kowane layi ya rage wa akanta rabin aiki, domin ya san wa zai aika wa. Kalmar "a sanina" a layi na uku ba rauni ba ce: mai jinya ba ya tsaye a kan gado dare da rana, kuma barin ƙofar gyara yana sauƙaƙa wa asibiti amsa kuskure ba tare da jin kunya ba.

Biyan abin da ba a jayayya a kansa shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Ofishin kuɗi ya saba ganin masu fakewa da ƙorafi don gudun biya, kuma kallon farko da za a yi wa kowace wasiƙa ke nan. Rasit na 250,000 ya kawar da wannan zato. Wa'adin kwana 14 kuma ba doka ce ta yanke shi ba. Mai wasiƙa ne ya sa shi don ya san ranar da zai ɗauki mataki na gaba.

Abin da ba a sa ba shi ma yana da muhimmanci. Babu kalmar sata ko cuta, babu sunan wata nas ko wani kashiya, babu barazanar kai magana gidan rediyo. Zargin mutum da sata a rubuce ba tare da hujja ba na iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna. Ƙorafin cewa an yi sakaci wurin magani ko an yi wa mara lafiya tsawa shi ma ba nan ne wurinsa ba. Wannan wasiƙa ce daban zuwa ga babban likita, kuma in aka cakuɗa su, kowane ofis sai ya tura wa ɗan'uwansa.

Kaiwa da bin sawu

A yi kwafi biyu. A kai da hannu, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi a kan kwafin mai kawowa, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Wasiƙar da ba ta da shaidar karɓa, ranar da aka neme ta za a ce ba a gani ba. Kada a ba da rasit na asali, hoto ko kwafi ake haɗawa. In an yi magana ta waya bayan haka, a rubuta ranar da muƙamin wanda aka yi magana da shi.

Bayanan fayil sirrin mara lafiya ne. Miji ko ɗa ko wa ba shi da ikon a buɗe masa shi don kawai shi ya biya. Saboda haka ya fi kyau mara lafiyar ta sa hannu a wasiƙar, ko a haɗa da layi biyu daga gare ta cewa ta amince a yi magana da wane a madadinta.

Matsala mafi tsanani ita ce idan asibiti ya ce ba za a fita ba sai an biya duka. A nan mutum na da hanya biyu. Ko dai ya nemi ganin akanta ko babban likita nan take, ya biya abin da ya amince da shi, a rubuta yarjejeniya a kan sauran. Ko kuma, in yana da hali kuma jinkiri zai ƙara kwanan gado, ya biya duka, amma ya miƙa wasiƙar a ranar, ya rubuta a ciki cewa ya biya ne ba don ya yarda da lissafin ba, yana neman a mayar masa da rarar. Mayar da kuɗi ya fi soke bashi wuya da ɗaukar lokaci, amma biya ba ya kashe haƙƙin ƙorafi.

Mai inshorar lafiya yana da ƙarin abin dubawa. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magungunan da ke cikin jerin hukumar ne mai rajista ke biya. Idan ya ga an caje shi cikakken kuɗi, ya tambaya ko maganin ba ya cikin jerin ne, ko kuwa an caji shi an kuma caji kamfanin inshora. Manyan ayyuka irin tiyata kan bukaci lambar amincewa daga kamfanin, kuma rashinta kan sa a juyo da kuɗin kan mara lafiya. Irin wannan mutum ya aika wa kamfaninsa kwafin wasiƙar.

Idan an yi shiru, ko an ƙi

In wa'adi ya cika babu amsa, a rubuta tunatarwa gajera zuwa ga babban likita, a haɗa da kwafin farko mai hatimi. A asibitocin gwamnatin tarayya akwai teburin SERVICOM na karɓar ƙorafin jama'a. Asibitocin kuɗi kuwa jihohi ne ke yi musu rajista, ta hannun ma'aikatar lafiya ko wata hukuma ta musamman, kamar PHIMA a Jihar Kano. Sama da nan akwai hukumar FCCPC ta kare haƙƙin masu saye, mai inshora kuma yana da ofishin NHIA na jiharsa. Duk inda aka je, abin da za a fara tambaya shi ne ko an rubuta wa asibitin, da kuma abin da ya ce.

A misalinmu, amsar da ta fi yiwuwa ba cin nasara ɗari bisa ɗari ba ce. Za a iya samun tiransifar a bayanan banki, a soke kuɗin ɗakin tiyata, a mayar da allura shida. A gado asibiti ya tsaya a kan kwana biyar bisa ƙa'idarsa, a jini kuma ya riƙe, a ce, 8,000 na gwajin dacewa. Magidancin zai ƙara biyan 23,000 a kan 250,000 da ya riga ya bayar, wato 273,000 a maimakon 480,000 da aka nema ranar sallama.

Sai dai wannan wasiƙa kuskure take gyarawa, ba tsada ba. Idan gado 15,000 ne a jadawalin asibiti kuma an ƙirga kwanakin daidai, babu layin da za a kama, ko da makwabcinsa 8,000 yake karɓa. Wanda lissafinsa ya yi daidai amma ba shi da halin biya, wata takardar ce zai rubuta: ta neman rangwame ko biya kashi-kashi, zuwa ga shugabannin asibiti, ko sashen jin daɗin jama'a a asibitocin gwamnati da ke da shi. Kada a haɗa su a takarda ɗaya, domin wanda ya roƙi sassauci ya riga ya amsa cewa adadin daidai ne. A fara da gyaran lissafi, in an san ainihin bashin, sannan a nemi sauƙi a kansa.